Wasiƙar Bukar Zuwa ga Dattawan Masallaci

Har gobe ba zan manta da wata Litinin ba, zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa, ina mai buga tafireta a shagon Mista Okoro a Sabon Gari, kusa da shagon takalma na Bata. Shi ke buga na Turanci, ni na Hausa. Ku da kuka taso da kwamfuta ba ku san tsarin ba. Mai wasiƙa zai zauna ya faɗi abin da ke bakinsa, in tsara da biro, in karanta masa. Sai ya ce haka ne sannan in buga, da takardar kabon a tsakani, kwafi uku. A gabana zai sa hannu.

Da hantsi Alhaji Ɗanlami ya shigo, ɗan kasuwa ne kuma sakataren kwamitin wani masallaci a Kwaciri. Na riga na ji labarin. Ƙungiyar matasan masallacin ta yi wasan kwaikwayo a harabar Islamiyya kan masu ɓoye sukari da siminti sai sun yi tsada. Wasan ya ja har aka tayar da sallar La'asar lasifikarsu na ta kururuwa. Wani ɗan wasa kuma ya kwaikwayi ɗingishin wani dattijo, mutane suka yi dariya. Jama'a suka fusata, kwamiti ya ba shugaban matasan, Bukar, kwana uku ya kawo takardar ban haƙuri.

Alhaji ya ajiye mini takarda a rubuce. Ya ce, "Buga wannan, ka bar wajen sa hannun Bukar."

Na karanta. An sa Bukar yana cewa zancen ɓoye kaya ƙarya ce suka ƙirƙira, ga kuma sunayen 'yan wasa tara domin a kore su.

Na ce, "Alhaji, shi mai wasiƙar yana ina?"

"Ina ruwanka? Aikinka bugu ne."

"Ba na buga wa mutum magana da sunansa ba ya nan."

Ya juya ga Mista Okoro, ya tuna masa cewa duk takardun shagunansa nan ake buga su. Mista Okoro bai ko ɗago daga injinsa ba. Da Hausarsa ta Sabon Gari ya ce, "Alhaji, yaro ya zo, mu buga. Bai zo ba, babu." Alhaji ya naɗe takardarsa ya fita.

Bayan Azahar sai ga Bukar, tela ne, ɗan Barebarin da suka daɗe a Fagge. Ya zauna yana huci. Ya fara faɗa mini abin da zan rubuta: "Idan har wani ya ji haushi, amma dai..."

Na ajiye biro. "Malam Bukar, haƙuri za ka bayar ko ƙara za ka kai? Lasifika ta hana mutane jin liman?"

"Ta hana."

"An yi wa dattijo dariya kan ƙafarsa?"

Ya sunkuyar da kai. "An yi. Na ga yaron yana gwadawa tun farko, ban hana ba."

"To, ba 'idan' a nan."

Muka tsara ta. Bisimilla da sallama, sai gaisuwa ga Liman da dattawan kwamiti, ta hannun sakatare, kamar yadda ake yi. Sai laifukan biyu, kowanne da sunansa, ba uzuri a bayansa. Sai ɗaukar alhaki: shi ya tsara lokacin, shi ya amince da wasan, kada a nemi kowa sai shi. Sai gyara: zai je gidan dattijon da ƙafarsa, kuma ba za su ƙara yin taro ba sai kwamiti ya ga jadawalin. A ƙarshe neman afuwa don Allah.

Na tambaye shi batun ɓoye kaya. Ya ce, "Wannan ko za a rushe ƙungiyar ba zan janye ba." Na ce to kada ya cusa shi cikin ban haƙurin, ya ba shi layi ɗaya a ƙasa. Muka rubuta: "Abin da wasan ya faɗa kan ɓoye kayan masarufi ban nemi afuwa a kansa ba, domin ban san shi a matsayin ƙarya ba."

Kwafi ɗaya na sakatare, ɗaya na Bukar. Na uku na ce ya miƙa wa Liman hannu da hannu, don kada a karanta wa jama'a rabi.

Ran Alhamis bayan La'asar Liman ya sa Bukar ya karanta da bakinsa. Da ya kai layin ƙarshe Alhaji ya miƙe yana neman sunayen 'yan wasan. Liman ya ce, "Wanda ya ce shi ya yi, ga shi tsaye. Wa kuma kake nema?" Aka dakatar da ƙungiyar wata uku, Bukar ya sauka daga shugabanci, ba a kori kowa ba.

Alhaji bai sake kawo mana ko takarda ɗaya ba, kuma mun ji a jikinmu. Amma ku riƙe wannan: za ku iya gyara wa mutum harshe, ku tilasta masa ya kira laifinsa da sunansa. Laifin da bai aikata ba kuwa, ko wa ya tsaya a kanku, kada yatsunku su buga masa shi.