Sanarwar da babu suna a ciki

Shekara shida ina riƙe da aikin duba sanarwar ƙungiyar unguwarmu a Kwarbai kafin a tura ta wayoyin mutane. Ba wani muƙami ba ne. Na yi ritaya daga aikin buga takardu a ofis, aka ga ina da ido a kan rubutu, sai aka ɗora mini. Lambobin da muke turawa sun haura ɗari huɗu, kuma kusan rabinsu na mutanen ƙauyukan da ke kewaye da birni ne, waɗanda zumunci ko sana'a ta haɗa mu da su.

Aikin yana da dokokinsa. Shafi ɗaya na saƙon tes harafi ɗari da sittin yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da kowane ɗigo. Da ka haura ko da ɗaya ne, ya koma shafi biyu. In ka saka baƙi mai ƙugiya ko rubutun Larabci, shafin sai ya tsuke ya koma saba'in, shi ya sa a tes muke rubuta ƙofa da k tsurarta. Shafi biyu kuwa na tsane shi, saboda mutanen ƙauye da ƙananan wayoyinsu da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. An sha kirana a ce rabin saƙo ya shigo, ɗaya rabin bai iso ba sai da yamma, kuma sau da yawa a rabin da ya makara ne lokaci da wuri suke.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri da doguwar magana, ban ɓoye ba. In aka kawo mini sanarwa mai gaisuwa layi uku, nan take nake datse ta. Shugaban ƙungiyar, wani dattijon malami da ya girme ni da kusan shekara ashirin, shi ya laƙaba mini “mai almakashi”. Shi ke rubuta sanarwa da biro a takarda, ni in buga. Mun sha yin sa-in-sa a kan addu'a guda, yana cewa na yanke albarka, ina cewa albarkar ba ta shiga shafi ɗaya. Amma shi ne ya kafa mana ƙa'idar da nake aiki da ita. Ya ce duk sanarwa sai ta amsa abu huɗu: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe. Kuma ba a turawa sai wanda ya rubuta ya karanta ta da ƙarfi a gaban mai dubawa, don kunne yakan kama abin da ido ya tsallake.

Wata Talata da hantsi aka aiko in zo gidansa. Tun a hanya na ji labari: babban ɗansa ne ya rasu. Mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, makanikin injin ban ruwa. Rayuwarsa kusan duk a kan babur ya yi ta, yana bin fadamu yana tayar wa manoman rani injunansu. A cikin birni ba a cika ganinsa ba, amma a ƙauyuka babu wanda bai san shi ba. Kwana uku ya yi yana zazzaɓi, Allah ya karɓi abinsa.

Na tarar da Malam a zaure, zaune a kan buzunsa, maƙwabta sun fara taruwa a waje. Idonsa a bushe yake. Na yi masa gaisuwa, ya amsa, ya miƙo mini takarda. Na zauna gefe na buɗe shafin tura saƙo a wayata, na buga abin da ya rubuta kamar yadda yake:

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa yaron gidanmu rasuwa yau da safe bayan gajeriyar rashin lafiya. Za a yi jana'iza in an sauko daga salla a kofar gida. Muna rokon Allah Ya jikansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.” A ƙasa ya sa sunansa, da Alhajinsa da Malam ɗinsa da shugabancin ƙungiya.

Ma'aunin da ke ƙarƙashin akwatin rubutu ya nuna harafi ya kusa ɗari uku, shafi biyu. Wannan bai dame ni ba, aikina ne na kullum. “In an sauko daga salla” ma mai sauƙin gyara ne, na tambaya aka ce azahar, ƙarfe biyu da rabi. “Yau” na ƙara masa Talata, saboda wanda wayarsa ke kashe sai gobe zai gani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne babu sunan mamacin ko sau ɗaya.

Na san dalili, kowa ya sani. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan suna ɗaya. Tunda nake ban taɓa jin Malam ya ambace shi ba. In zai yi maganarsa sai ya ce “wancan”, ko “mai injuna”. In ya shigo gaishe shi, Malam kan amsa yana duban wani wuri. Haka iyayenmu suka yi da 'ya'yansu na fari, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya.

Na yi ƙoƙarin kauce masa. Na rubuta “dan Alhaji Malam wane, shugaban kungiya, ya rasu”, na sa rana da lokaci da wuri, na bar Inna lillahi da addu'a ɗaya gajeriya. Ya shiga shafi ɗaya, saura gurbin harafi uku. Na duba na sake dubawa, zuciyata ba ta kwanta ba. 'Ya'yan Malam maza huɗu ne. Manomin da ke can bakin fadama bai san ɗan shugaban ƙungiya ba, mai gyaran inji ya sani, da sunansa. Zai karanta, ya yi salati, ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da ban ruwansa, alhali wanda ya shekara goma yana zuwa masa ne za a kai makwanci. Ga rana tana ɗagawa, kuma mai tahowa daga ƙauye sai ya nemi abin hawa.

Da wani ne ya kawo mini wannan takarda, da tuni na mayar masa da ita da baƙar magana. Ran nan na rasa ta inda zan fara. Na ji tsoro, kuma na ji haushin kaina da na ji tsoron. Daga baya na matsa kusa da shi na rage murya.

Na ce, “Malam, sanarwar ta amsa uku. Saura ɗaya.”

Ya ce, “Ai an san gidan.”

“An san gidan a Kwarbai. Mutanensa na ƙauye ba gidan suka sani ba, shi suka sani.”

Na ce in ya yarda ni zan buga sunan, in tura, ba sai an karanta ba. Yau ɗaya dai a bar ƙa'ida. Da gaske nake, so nake in sauƙaƙa masa.

Ya tambaye ni gurbi nawa ya rage, na ce uku. Ya ce suna da sana'a za su ci nawa. Na ƙirga a yatsa na ce sun haura arba'in.

“To ina almakashin?” in ji shi.

Na ce babu abin da ya rage na yankewa, sai dai addu'ar ƙarshe ko ta farko.

Ya ce, “A'a, bar masa addu'arsa. Cire Alhajin nan. Cire shugaban ƙungiya. Ka bar sunana guda ɗaya a wajen kwatancen gida, ya isa.”

Mutumin da muka yi shekaru muna ja-in-ja da shi a kan kowace kalma, shi ne yau yake nuna mini inda zan yanka. Na goge, gurbi ya buɗe. Na ɗora yatsa zan buga sunan, sai ya miƙo hannu. Na ba shi wayar.

Malam bai saba da waya mai shafawa ba, tasa mai maɓalli ce. Ya gyara tabarau, ya riƙe ta nesa da fuska, ya riƙa neman baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsansa ɗan ali. Sau biyu yana taɓa wanda ba shi ba, ina nuna masa inda ake gogewa. Wani maƙwabci ya leƙo zai yi magana a kan likkafani, ya gan mu, ya koma. Da ya gama na karɓa na ƙara “mai gyaran injin ban ruwa”. Ma'auni ya nuna ɗari da hamsin da takwas, shafi ɗaya.

Na ce, “Ya shiga, Malam. In tura?”

Ya ce, “Ba a karanta ba.”

Ya sake karɓar wayar. Ya karanta Inna lillahi da muryarsa ta karatu, a nitse. Da ya iso kan sunan sai ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina duban tabarma, don ban ga ya dace in kalli fuskarsa ba. Sannan ya faɗe shi, cikakke, a hankali, kamar yadda liman ke faɗa ranar raɗin suna. Muryarsa ta karye a kan “ya rasu”, amma ya daure ya kai har “Allah Ya jikansa”. Ni ne na fara kuka, ba shi ba.

Na danna tura. Ba a jima ba wayoyin mutanen da ke ƙofar gida suka fara ƙara, nan da can. Tasa ma ta yi ƙara a aljihun rigarsa, don lambarsa ce ta farko a jerin.

Kafin azahar babura suka fara shigowa ta Ƙofar Kibo da ta wajen Kufena, wasu mutum uku-uku a kai. Da yawansu da laka a ƙafa, daga fadama suka taho. Ban san fuskokinsu ba, Malam ma bai san su ba. Sahu ya cika layin har ya karya kwana. Kowannensu in ya durƙusa gaisuwa sai ya ambaci sunan, ya faɗi abin da mamacin ya yi masa, Malam yana sauraro yana cewa amin.

Malam ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma ban sake jin sunan a bakinsa ba. Ya koma cewa “marigayi”. Ƙaramar wayarsa ba ta ɗaukar saƙo da yawa, don haka duk bayan 'yan makonni yakan kawo mini ita in share masa tsofaffi. Ranar farko da na zo kan na Talatar nan, ya dafa hannuna ya ce, “Wannan ka bar shi.” Daga nan ban sake tambaya ba, in na iso kansa sai in tsallake.