Wayar Alhaji da Hotunan Abaya

Shagon kargon da na fara aiki a unguwar Al Ras ta Dubai yana cikin wani tsohon gini mai warin kanumfari. Ni Alhaji mai shagon ya ɗora kan kwamfuta, don ni kaɗai ne na yi difloma. Kujera ce a ƙarƙashin esi. Sauran ma'aikata suna sito, suna ɗaure kwalaye cikin zafin da ke narka takalmi, kuma wallahi tsoron siton nan nake yi kamar me.

Intanet ɗinmu ta layin tarho take zuwa. Ginin na da nisa da cibiyar tarho, wayoyinsa sun tsufa, ga wata doguwar waya da aka jawo daga bakin ƙofa, ta bi bayan firji, kafin ta iso akwatin intanet. In ka ɗaga tarho sai ka ji shuuu, kamar ana suyar ƙosai. Mun ɗauka haka Dubai take.

Wata rana babbar kwastomarmu, wata Hajiya a Kano, ta ce sai ta ga hotunan sabbin abaya kafin a rufe kwantena, in ba haka ba ta koma wani shago. Alhaji ya ce in hotuna ba su tafi ba, in shirya komawa sito. Ya tafi can ya bar ni.

Kira daga tarhon sito zuwa na shago kyauta ne, Alhaji kuwa ba ya wasa da kyauta. Hoto na tafiya kamar an ɗaura masa dutse, sai tarho ya yi ƙara.

“Sun tafi?”

“Saura kaɗan, Alhaji.”

“Yalla, ka hanzarta mana!”

Kafin in ajiye, fitilar akwatin ta fara ƙiftawa, intanet ta yanke, sai in sake daga farko. Haka muka yi ta yi, yana ƙara fusata, yana ƙara kira. Da kaina ya ɗau zafi na fizge tarhon daga bango. Ikon Allah, fitila ta tsaya cak. A hankali hotuna suka tafi, Hajiya ta zaɓa, har da ƙari.

Ina murna sai ga Alhaji, gumi sharkaf. Bai tambayi hotuna ba. Ya ce yaron da zai cire wa maigidansa waya ba ya zama a ofis, khalas, magana ta ƙare.

Ina sito na ji labarin sauran. Ɗan ƙanwarsa da ya gaji kujerar ya kira masu gyara. Suka gajarta doguwar wayar nan, suka sa wa tarho da na'urar fas, wadda ake tura takardu da ita, kowanne ɗan ƙaramin filta, mai raba sautin magana da siginar intanet. Ashe filtocin ma tun farko suna cikin kwalin akwatin, babu wanda ya sa su.

Alhaji ya zo sito ya same ni ina jan kwali, ya dafa kafaɗata.

“Ka gani? Tun da ka tashi daga wurin nan, ko sau ɗaya intanet ba ta sake yankewa ba.”

Na ce haka ne, Alhaji. Bizata a hannunsa take.