Layin da Ban Karanta wa Baba Ba

Ni na karanta wa Baba wasiƙar ma'aikacin ɗakin gwajin ƙasa, a bakin gonarmu ta shinkafa da ke fadamar Haɗeja, domin shi ba ya karatun boko.

Mutumin ya yi bayani dalla-dalla. Naitirojin, mai sa ganye ya yi kore, akwai shi isasshe. Fosfaras, mai ƙarfafa saiwa, har ya yi yawa. Ma'aunin tsami ya tsaya a bakwai, wato ba tsami ba kanwa. Ya ce bana a rage taki sosai.

Sai idona ya faɗa kan layin ƙarshe. Ya ce sakamakon zai yi daidai ne kawai idan an ɗebo ƙasar daga wurare da yawa an cakuɗa, kuma ban da inda shanu suka kwanta.

Ranar da Baba ya aike ni ɗebo ƙasar, rana ta dame ni, na cika leda a wuri guda na tafi. A nan garken shanun kawuna ya yi rani.

Na ninke takardar na ce ta ƙare.

Baba bai zuba takin yuriya ba. Kullum da safe sai in zagaya gonar, ina duba ganyen shinkafar na ƙasa-ƙasa. A mako na biyar suka fara yin rawaya, ban da kusurwar da na ɗebo ƙasar, wadda ta yi kore shar.

Baba ya daɗe tsaye a kanta. Sannan ya zaro wasiƙar daga aljihu ya miƙo mini.

"Sake karanta mini," ya ce. "Har ƙarshe."