Askar Babandi da Ƙosan Bintu

Babandi wanzami ne, kuma a Lafiya ta zamanin da Turawa suka fara leƙowa ba a yi hannu mai sauƙi kamar nasa ba. Yakan aske maka kai tas ba ka ji ko ƙaiƙayi ba. Aibinsa ɗaya, ga shi kuwa babba: bakinsa ba ya hutawa. Kakata, wadda ta san shi tana yarinya, ta ce ko gaisuwa ya tsaya yi da kai, gara ka nemi inuwa ka zauna.

Ban da aski, shi ne mai kiran gayya a unguwarsu. Magidanta ne suka haɗa kai, masu gonakin doya a kan hanyar Adogi, yau a taru a gonar wannan, wani satin a gonar wancan, har a zagaye kowa. Babandi ke sa rana, ya nemo makaɗi, ya faɗa wa mata yawan kunun da za a dama. Yana son aikin nan har cikin ransa, kuma ba don a yabe shi ba. To, ko da don a yabe shi ne, kaɗan ne.

Abin da ya dame shi a rayuwa shi ne ya san yadda gayya ta kasance a ran mutane. Wannan tunani ne mai kyau, ba na musu. Inda ya ɓata shi ne lokacin da ya zaɓa. Sai mutum ya zauna a gabansa, an jiƙa kai, aska ta sauka a bayan kunne, sannan Babandi zai gyara murya.

“To Malam Salmanu, game da gayyar nan ta jiya, wadda na sha wahalar shiryawa har ban ci abincin rana ba, in ka dubi kiɗan, da kunun, da yadda na raba mutane, ka kuma tuna ta bara da aka yi ruwa, ka kwatanta da ta mutanen Doma da ake ta zuzutawa alhali ba su fi mu ba, ashe ba za ka ce tamu ta fi ba?”

Don Allah me mutum zai ce? Aska na wuyansa. Salmanu yakan ce, “Madalla.” Kowa ma madalla yake cewa, a hankali, ba tare da ya motsa maƙogwaro sosai ba. Babandi ya koma gida yana murna, ya ce wa yayarsa Bintu, wadda ke zaune a gidansa tun rasuwar mijinta, “Yaya, kowa ya yaba.”

Bintu mai ƙosai ce a bakin hanyar masallaci, kuma ba ta da yawan magana, wataƙila don ƙanenta ya cinye rabon gidan duka. Takan ce, “Uhm.”

Kowa ya yaba, amma gayya sai ƙanƙancewa take yi. A farkon damina gona kan cika da mutane. Da aka kai tsakiyar zagaye, uzuri ya fara yawa: wannan ciwon baya, wancan surukarsa ta zo daga Awe. Wani abin mamaki kuma, gashi ya fara yawa a unguwar. Dattawa masu mutunci suka riƙa tura hula har gira. Mahmuda maƙeri, da ya hango Babandi tafe da zabirarsa, ya taɓa shigewa rumbun mutane ya zauna kan dawa har ya wuce.

Ranar gayyar gonar Salmanu, mutanen da suka zo ba su ko cika inuwar ɗorawa ɗaya ba. Ran Babandi ya ɓaci ƙwarai, domin gonar da ke biye ta Ari ce. Ari kuwa bai taɓa fashin gayyar kowa ba. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, sai ga shi bana cutar kurkunu ta kwantar da shi, ƙafa ta kumbura ko taki ɗaya ba ya iyawa. Ba shi da ɗa namiji da ya isa riƙe garma. In ba a taru an yi masa noma a satin nan ba, ciyawa za ta cinye doyar, gidansa kuma su shiga shekara hannu wofi.

Da la'asar Babandi ya zauna a tsakar gida yana wasa aska. Ya ce, “Gobe zan bi su gida-gida. Aski kyauta. Sai na ji abin da ke ransu.”

Bintu ta ce, “Ka ajiye askar nan, Babandi. Kai kake korar su.”

“Ni? Ni da kowa ke ce wa madalla?”

“Ni ma in ka ɗora mini aska a wuya zan ce madalla. Kuma tambayarka, kafin ka kai ƙarshenta mutum ya manta farkonta. Ka bar ni in tambaye su gobe da safe, tun gajiyar yau tana jikinsu. Amma tambayar da ta fi juya ƙosai tsawo ba zan yi ta ba.”

Nan aka shiga ciniki. Babandi ya kawo tambayoyi cike da baki, Bintu tana zubarwa. Ya ce a tambaye su ko sun lura da ƙoƙarinsa. Ta ce a'a. Ya ce to a ce, “Gayya ta yi kyau, ko?” Ta ce wannan ai ya riga ya ba su amsar, saura su gyaɗa kai. Ya ce a tambaye su ko suna son a riƙa yanka bijimin sa ranar gayya. Ta ce, “Kana da san?” Ya ce babu. Ta ce to kada ya tambayi abin da ba zai iya gyarawa ba. Daga ƙarshe abin da ya tsira bai fi a riƙe a tafin hannu ba: kunu da wuri yake zuwa ko a makare, wane abu ɗaya za a daina, sannan za ka zo gonar Ari ko ba za ka zo ba.

Babandi ya dubi tambayoyin nan kamar an yi masa sata. Ya ce, “Shi ke nan? Ko gaisuwa babu a ciki?”

“Shi ke nan. Kuma ba zan faɗa maka wa ya ce me ba.”

“To zan ɓuya bayan zana in saurara.”

“In na ga ko yatsan ƙafarka, da man gyaɗa mai zafi zan gaishe shi.”

Washegari bayan an fito sallar asuba, Bintu tana bakin kaskonta. Duk ɗan gayyar da ya tsaya, wanda ya je jiya da wanda ya yi ciwon baya, sai ta jefa masa tambaya tana tsame ƙosai, ko kallonsa ba ta yi. Ta fara da cewa maganar ba za ta koma da suna ba. Abin mamaki, mutanen da suka shekara suna cewa madalla sai ga su da baki. Ya'akubu, wani Bagwandare mai faɗin gaskiya, ya ce, “Iya, kunu yana zuwa rana ya riga ya kashe mu. Kuma gona ya yi nisa, a fara da sanyi mana.” Mahmuda maƙeri ya waiga hagu da dama, ya ɗaga hularsa kaɗan ya nuna mata tulin gashin da ke ƙasa, ya mayar da sauri. Bintu ta yi dariya har ƙosai ɗaya ya ƙone.

Da hantsi ta dawo gida ta tarar da Babandi yana safa da marwa a zaure.

“Me suka ce?”

“Kunu a makare yake zuwa. Kusan kowa ya faɗa.”

“Ai don ina jawabi ne kafin a sha.”

“Sun faɗi wannan ma.”

“Abin da za a daina fa?”

Bintu ta ajiye kasko. Ta ce, “Tambayar bayan gayya. Sun ce noman ba ya ba su tsoro, askin da ke biyo baya ne. Duk wanda ya je gayya, ya san gobe kana ƙofar gidansa.”

Babandi ya zauna daɓas. Abin ya yi masa ciwo, ba wasa ba, domin shi a ransa kulawa yake yi. Can ya ɗago ya ce, “Salmanu ne ya faɗa, ko? Na san shi. Ko Mahmuda? Yaya, ki faɗa mini harafin farko kawai.”

“Ban sani ba.”

“Gonar Ari fa?”

“Sun ce suna so su zo. Suna jin nauyin Ari. Amma sai sun ji daga bakinka cewa an gyara, don sun gaji da a tambaye su ba a canja komai ba.”

Wannan shi ne aiki mafi wuya da Babandi ya taɓa yi a duniya. Bayan sallar azahar ya tsaya a ƙofar masallaci, mutane suka fara neman takalmansu da gaggawa. Ya ɗaga murya ya ce, “Na ji. Za a fara da sanyin safiya. Kunu kafin rana ta take. Ba jawabi. Wanda ya zo aski, aski kawai. Jibi gonar Ari.” Daga nan ya kama bakinsa da hannu biyu, don sauran maganar tana ta turowa, ya juya ya tafi. Mutane suka tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa suna kallon juna.

Jibin, tun raɓa ba ta bushe ba hanyar Adogi ta cika da garemani. Har waɗanda surukansu suka zo daga Awe sun samu dama. Aka ɗauko Ari a kan jaki, aka zaunar da shi a gindin ɗorawa da ƙafarsa a naɗe. Kunu ya iso da zafinsa. Babandi ya buɗe baki don al'ada, Bintu ta miƙa masa ludayi, ya sha ya yi shiru. Kafin azahar an gama gonar kaf, har da wani ɓangare na gonar maƙwabci da aka nome bisa kuskure.

Da mutane suka fara saɓa garemani, Babandi ya je ya tsuguna kusa da Ari. Ya daɗe yana taunar maganar, yana rage ta, har ta koma kalma uku.

“Ari, ta yi?”

Ari ya dubi gonarsa, baƙar ƙasa a juye daga wannan gefe har wancan, ba ko ciyawa ɗaya. Ya ja bakin rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Babandi bai sake tambaya ba. Ya zauna kusa da shi a ƙasa har kukan ya lafa, sannan ya tashi ya je kwance jakin.