Ƙwayar gero a ƙarƙashin harafin "a"

Ƙanena, sakataren ƙungiyar manoman garinmu, ya bar mini ajiyar ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ya tafi Magariya. Ina goge ta sai na hango ƙwayar gero maƙale a ƙarƙashin maɓallin "a". Na kasa haƙuri, na sa tsinken tsintsiya. Maɓallin ya yi tsalle ya faɗa kan tabarma.

Ga shi kuwa amana ce. Na naɗe ta a zane, na hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyaran salula a Bande, da gam a hannuna.

"Inna, ajiye gam ɗin nan," in ji shi yana dariya. Ya nuna mini, a gurbin maɓallin, wata farar roba siririya mai kama da almakashi, ƙugiyoyinta duk lafiya. "Ke kika cire, ke za ki mayar. Daidaita shi a kanta, ki danna a hankali, ban da ƙarfi."

Na yi bisimilla na danna. Ƙas! Ya zauna daram. Sai ga ni ina guɗa a tsakiyar kasuwa.

Da ƙanena ya dawo na faɗa masa komai. Ya daddanna, ya dube ni: "Yaya, wanne ne ma?"