Watannin da Babu Su a Fanshona

Na yi ritaya daga kwalejin horar da malamai da damina, kafin kaka ta shigo ina Kuala Lumpur. 'Yata ce ta haihu tana tsakiyar karatun digiri na uku, mijinta ma karatun yake yi, ba su da kowa, sai na tattara na zo riƙon jariri. A unguwar Cheras suke, a wani bene mai tsawo, ɗaki biyu da falo. Kafin in taso na je kamfanin fanshona an ɗauki hotona da zanen yatsuna, na miƙa takardar ritaya da duk abin da suka nema. A zatona ina sauka kuɗi zai biyo ni.

Shiru. Da shirun ya yi yawa na sa 'yata ta buɗe mini bayanin asusuna a waya, muka bi shi wata-wata. Sai ga rami a tsakiya, wajen shekara guda da wani abu ba a zuba ko kwabo ba, alhali ina da takardun albashina na lokacin, kowace ta nuna an cire.

Ba yunwa nake ji ba, kada in yi wa Allah butulci. Amma a gidan suruki nake, kuma da kuɗin tallafin karatunsa ake cefane. Yaron kirki ne, ko ido ba ya haɗawa da ni, in zai ba ni kuɗin kati ko na magani sai ya bi ta hannun matarsa. Wannan ladabin nasa shi ya fi ci mini rai. Ni da na yi shekara talatin da wani abu ina cin gumina, yau ko sabulu sai an saya mini. Abin da nake so kawai in sa hannu a jakata in ce yau cefanen nawa ne.

Ba ni kaɗai ce 'yar kwalejinmu a garin ba. Akwai abokiyar aikina, 'yar kudancin Kaduna, Kirista, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu. Shekara ɗaya muka yi ritaya, ta zo wurin ɗanta da ke aikin kwamfuta a unguwar Wangsa Maju. Sashe ɗaya muka koyar, ni Turanci, ita dabarun koyarwa, kuma tun muna can halinmu ya sha bamban. Ofishinta kullum kamar gidan suna, wannan ya zo kuka, wancan ya zo cin ƙosai. Ɗalibi zai kawo aiki bayan wa'adi ta karɓa tana yi masa faɗa tana dariya. Ni kuwa in na ce ranar Litinin ƙarfe goma, to ko ɗan shugaban kwaleji ne ya zo sha ɗaya sai dai ya dawo baɗi. Ɗalibai suka sa mini Ba Sani Ba Sabo, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Har yau ban ga laifina ba.

Da na ba ta labarin ramin, ta sa ɗanta ya duba nata. Watannin nan dai, su ne babu a nata ma. Ta dafa kai ta ce ita ba ta iya rubuta wa hukuma takarda ba, sai ta fara da gaisuwa ta ƙare da addu'a ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Na ji daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba. Na zaunar da ita a falonmu na rubuta mana wasiƙa iri ɗaya: sunan mai asusu da lambarsa, wurin aiki, ranar ritaya, watannin da babu su ɗaya bayan ɗaya, sannan tambaya biyu, ina matsayin haƙƙinmu yake, kuma me ake bukata daga gare mu. Muka haɗa da hoton takardun albashi, muka tura wa kamfanin fansho ta imel rana ɗaya. Rabin nata takardun ma sun ɓace, nawa kuwa cif suke a cikin leda.

Amsa ta zo mana iri ɗaya. Kamfanin ya ce takardar albashi tana nuna an cire kuɗi ne, ba ta nuna an turo ba. Su ba sa zuba wa mutum sai abin da ya iso da sunansa da lambarsa daidai a jadawalin da ma'aikata ke haɗowa da kuɗin. In an yi kuskure a jadawalin, kuɗin yana nan a ajiye gefe har sai ma'aikatar ta gyara. Don haka mu nemi ofishin kuɗi na kwaleji ya aiko da shaidar biyan watannin da jadawalin da aka gyara, da takardar da ke tabbatar da cewa an turo duk abin da ya kamata. Sai asusun ya cika za su lissafa dunƙulen kuɗin farko da abin da za a riƙa ba mu duk wata.

Na sake zama na rubuta mana wata wasiƙar zuwa ofishin kuɗi. Ita ma muka tura rana ɗaya.

Ba a yi wata guda ba Maman 'Yan Biyu ta kira ni wai in fito mu sha shayi a mamak ɗin da ke ƙasan benenmu, shagon Indiyawan nan Musulmi. Tun daga nesa na ga bakinta har kunne. Ta ce, “Malama, nawa ya fito. An gyara, sun ce in zaɓi yadda za a riƙa biyana. Yau ki makan, ki ci duk abin da kike so, ni zan biya.”

Na ce barka, na ce Allah ya sa albarka, duk abin da ake faɗa na faɗa. Amma a baki ne kawai. Kishi na ji, kishi sosai, irin wanda ke sa kunnen mutum ya yi zafi. Wasiƙar tawa ce, waƙafi ɗaya ba ta sa ba. Na tambaye ta yadda aka yi, ta ce ai wani tsohon ɗalibinmu ne yanzu a ofishin kuɗin, yana ganin sunanta ya kira ta, ya shiga ɗakin tsofaffin fayiloli da kansa ya tono jadawalin. Ashe a shekarar an hargitsa lambobin mutanen sashenmu ne. Da ta kwatanta shi na gane shi sarai. Ya taɓa kawo mini aikin ƙarshe a makare na ƙi karɓa, ya ƙara shekara.

Ta ce bari ta yi masa magana a kan nawa. Na ce a'a, nawa ma yana hanya, sun ce mini in jira kaɗan. Ƙarya nake yi, ko amsa ba su ba ni ba. Ta sa aka yi wa su 'yata tapau, wato ƙunshin tafiya gida, na soyayyar taliya, na hau da ledar sama ina jin kamar in jefa ta a kwandon shara.

Daga nan na fara guje mata. In ta kira in ce jariri na kuka. Na riƙa zama ina lissafa mata laifuffuka: ta lalata ɗalibai, ta sayi soyayya da maki, irinta ne suka kashe ilimi. Wani abin gaskiya ne, wani kuwa na san ƙari nake yi. Na ƙara tura wa ofishin kuɗin wasiƙa ta biyu da ta uku, kowace ta fi ta baya kyau da zafi, kamar ana jefa tsakuwa a rijiya.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. Wata rana da hantsi ina goye da jariri na ji 'yata tana tambayar mijinta a kicin me ya sa bai biya kuɗin taron da zai gabatar da takardarsa ba. Ya ce a hankali, wai a bari sai wani, ai akwai sabunta takardar zaman Mama da inshorarta a watan nan. Ba su san na ji ba. Na koma ɗaki na zauna bakin gado, kunya ta rufe ni.

Da azahar na hau jirgin ƙasa na MRT, na sauya zuwa na LRT a tashar Pasar Seni, na sauka Wangsa Maju, unguwar Maman 'Yan Biyu. Da ta buɗe ƙofa ba ta tambaye ni ina na shiga ba, ta dai kawo ruwa. Na ce mata nawa bai fito ba, ko amsa ban samu ba. Ta ce ta sani. Muka jira la'asar ta yi, lokacin da ake buɗe ofis a can gida, ta kira tsohon ɗalibin namu ta sa wayar a tsakaninmu yadda zan ji.

Yana ɗauka ya ce, “Mama! Ina kwana, Mama, ya sanyin Malesiya?” Ta ce wane sanyi, garin nan kamar tukunya. Suka yi ta dariya. Sannan ta ce ga Malamar Turanci a kusa da ita. Sai muryarsa ta canza, kamar wanda ya miƙe tsaye ya gyara riga. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali.

Ta ce masa maganar takardata ce. Ya ce ya gani, duka ukun suna kan teburinsa, sunana ma yana ƙasan nata a jadawali ɗaya. Babu izgili a muryarsa ko kaɗan, na saurara da kyau ina nema ban samu ba. Ya ce, “Akwai mutane da yawa a gabanta, Mama, bi da bi muke yi. Naki ne na tsallake da shi. Na Malama kuwa na ji tsoro, na san ba ta son a yi mata haka.”

Maman 'Yan Biyu ta turo wayar gabana. Na dubi wayar. Na tuna surukina a kicin.

Na ce, “Ka tsallake da ni, don Allah.”

Ya ce, “To, Malama. An gama, in sha Allahu.”

Kuma ya cika alkawari, ba a daɗe ba kamfanin ya rubuto cewa watannin sun shiga. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Bayan ya ce an gama bai kashe wayar ba, ya koma wurinta. Ya tambaye ta gwiwarta, ko tana shan maganin, ko benen da suke yana da lif, ya ce kada ta riƙa hawa matakala, ya ce matarsa tana gaishe ta kuma sun sa wa 'yarsu sunanta. Ita kuma tana ta cewa “boleh, boleh, na ji,” wato “to” ɗin mutanen garin, tana dariya tana share ido. Ina zaune a gefe da kofin ruwa a hannu. Ɗalibai dubbai sun wuce ta ajina, na koya musu Turancin da suke cin abinci da shi, kuma gwiwata ta fi tata ciwo. Ba wanda ya taɓa kira ya tambaya.