Yaya da Gyaran da Ba a Gani

Yayana makanikin otal ne, shi ke kula da injinan wanki da na'urorin sanyaya ɗaki da famfunan ruwa. A wurin aiki Injiniya suke ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa jami'a ba. Mutum ne mai gyara da kunne. Yana cikin tafiya a baranda sai ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ce fankar ɗakin can ta fara kuka, ya je ya ɗaure ta tun baƙon ɗakin bai san da wata matsala ba. Ko gidana ya zo, kafin ya zauna ya riga ya taɓa bayan firji.

Shekaru sun shuɗe albashinsa bai motsa ba, kayan kasuwa kuwa kullum gaba suke yi. Don ya cike giɓin, ranar hutunsa ɗaya tak ta mako ya mayar da ita ta bin gidajen mutane yana gyaran firji. Yaransa ba sa ganinsa sai a gajiye, bayansa ya fara ciwo, yana tashi daga kujera sai ya dafa gwiwa. Matarsa ce ta kira ni, ta ce ita ba ta neman komai sai ranar nan ɗaya, ta gan shi zaune a gida kamar sauran mazan mutane. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Ni sakatariya ce a wani kamfani, rubuta wasiƙa shi ne abincina, don haka na ɗauki kwamfutata na tafi gidansu da yamma. Yaya ya ce ai ya sha tarar manajar otal ɗin a bakin lifta yana yi mata zancen ƙarin albashi, takan ce ya turo mata ta imel, shi kuma ya ɗauka korar wayo ce. Na ce masa ba kora ba ce. Ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, sai ta kai wa sashen kuɗi, kuma maganar bakin lifta ba ta hawa bene da ƙafarta.

Ya nuna min abin da ya taɓa rubutawa a wayarsa bai aika ba. Kuɗin haya ne a ciki, da na makaranta, da roƙon a taimaka masa saboda Allah. Na karanta har ƙasa ban ga inji ko ɗaya ba. Na ce masa wannan takardar neman taimako ce, kuma duk ma'aikatan otal ɗin suna biyan haya. Abin da za mu rubuta shi ne aikin da ya yi.

Nan muka ci karo da matsalar. Otal ɗin na auna aikin masu gyara ne da yawan ƙorafin da aka shigar a kwamfuta: baƙo ya koka, a buɗe takardar aiki, makaniki ya gyara, a rufe. Yaya kuwa yana gyarawa tun ba a koka ba, saboda haka ba a buɗe komai da sunansa. A idon kwamfuta, yayana da bayansa ke neman karyewa shi ne mafi zaman banza a ginin. Na yi dariya don takaici.

"Yaya, wai kai ko sau ɗaya ba za ka bari abu ya lalace a san da kai ba?"

"In ji yana kuka in wuce?" in ji shi, yana kallona kamar na zagi wani babba.

Sai muka juya tambayar, muka nemi abin da otal ɗin ya daina yi tun zuwansa. A hankali abubuwa suka fito, ina tatsar su daga bakinsa da ƙyar. A da ana kiran kamfanin waje ya gyara tukunyar ruwan zafi kusan kowane wata, yanzu sai binciken shekara kawai. Babban injin wankin da aka yanke shawarar sayen sabo, shi ya canza masa ƴan kayayyaki, har yau yana aiki. Da abokin aikinsa ya tafi, famfunan wurin ninkaya suka dawo kansa ba tare da ƙarin sisi ba. Ya kuma horar da sababbin ma'aikata biyu. Duk waɗannan manaja za ta iya tabbatarwa daga rasitan sashen kuɗi ko daga bakin shugabar ɗakin wanki.

Muka sa wa saƙon take a fili, neman sake duba albashi. A ciki ya gai da manaja, ya faɗi tsawon zamansa a aikin da cewa yana jin daɗinsa, muka jera abubuwan nan layi-layi, kowanne a taƙaice. Ya nemi ƙarin kashi goma sha biyar cikin ɗari, bayan ya tambayi abokan sana'arsa abin da ake biya a wasu otal-otal, ya roƙi ta ba shi lokaci su zauna kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.

Ni mai zafin kai ce, kowa ya sani. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa in ba a duba ba zai nemi wani wurin. Yaya ya sa tabarau ya karanta, ya ɗora yatsa a kan layin.

"Goge wannan, ƙanwata. Ba inda za ni. Ba zan rubuta abin da ba zan yi ba."

Na yi ta musu, bai ɗaga murya ba, bai kuma janye yatsan ba. Na goge ina ƙunƙuni. Washegari da safe ya aika daga adireshinsa na wurin aiki.

Shiru ya biyo baya, ni na fi shi damuwa. Da abin ya kusa mako biyu ya tura gajeriyar tunatarwa cikin ladabi, sai ga amsa, ta sa masa ranar zama. Ya ba ni labari daga baya cewa ta buga saƙon a takarda, ta ja layi a ƙarƙashin zancen tukunyar ruwan zafi, ta ce ta duba rasitan kuma haka ne. Ta ce abin da ya sauƙaƙa mata shi ne ta tura saƙon sama yadda yake, ba ta cire ko kalma ba. Na tuna layin nan nawa da ya sa na goge.

Ba a ba shi duka ba. Kashi goma aka amince, a rubuce, da alƙawarin sake dubawa bayan wata shida, da sharaɗin ya riƙa shigar da duk gyaran da ya yi a kwamfuta ko da ba wanda ya koka. Wannan sharaɗin ya fi ba shi wahala, da yatsa ɗaya yake dannawa yana tsaki.

Ranar hutunsa ta farko bayan sabon albashi ya shiga, na je gidan. Na tarar da shi a ƙasan falo, ƙaramar ƴarsa ta haye bayan nan mai ciwo tana koya masa wata waƙar makaranta. Wayarsa ta yi ƙara, wani tsohon kwastoma ne firjinsa ya tsaya. Matarsa tana bakin ƙofar kicin da faranti a hannu, ta tsaya ba ta motsi. Yaya ya saurari mutumin har ya gama, ya ba shi haƙuri, ya karanta masa lambar wani abokin sana'arsa.

"Yau ina gida," ya ce, ya kife wayar.

Matarsa ta juya ta koma kicin da farantin, ta manta abin da ta fito ajiyewa. Na bi ta, na same ta tana share ido da bakin ɗankwali, tana dariya.